Ƙara wa Hoto Girma Bayan An Canza Sutura: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dawo da Jikin Yadi Ba Tare da Taɓa Ɗinki Ba

Aikina gyaran hotuna ne, kuma mafi yawan masu kawo mini aiki teloli ne da masu sayar da yadi. Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara iya cire wa mutum riga a hoto su saka masa wata, ƙorafi ɗaya nake ji: ɗinkin ya zauna daidai, amma yadin ya zama kamar leda. Idan kuma aka ƙara wa hoton girma don a gyara hakan, sai a wayi gari aikin wuyan ya zama wani daban. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan matsalar, da abin da na sani game da kowace.

Me ya sa yadi yake fitowa sumul kamar leda bayan an canza kayan?

Dalilin lissafi ne. A ce ka ɗauki hoton mutum a tsaye da wayarka, faɗinsa fiksel 3000, tsayinsa 4000. Fiksel su ne ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto. Yawancin manhajojin canza kaya ba sa aiki da wannan girman. Sai sun rage shi zuwa kusan fiksel miliyan ɗaya, misali 864 da 1152, sannan su zana sabuwar rigar a kai su miƙo maka.

Yanzu mu auna. Idan hoton ya ɗauki tsayin mita biyu daga ƙasa zuwa saman kai, fiksel 1152 ɗin nan ne za su raba santimita 200. Kowace santimita ta samu fiksel shida ba kaɗan ke nan, wato fiksel ɗaya yana wakiltar kusan milimita 1.7 na jikin rigar. Zaren aikin wuya kuwa kaurinsa bai kai haka ba, balle zaren saƙar shadda. Abin da bai kai fiksel ɗaya ba, ba shi da wurin zama a hoto.

Akwai kuma ƙari. Injina irin su Stable Diffusion ba a kan fiksel kai tsaye suke zane ba. Sukan matse hoton sau takwas a faɗi, sau takwas a tsayi, su yi aikinsu a wannan matsattsen siffar, sannan su buɗe shi. A hoton namu, kowane gurbi ɗaya da injin yake tunani a kai ya kai kusan santimita ɗaya da rabi na rigar. Aikin ƙirjin babbar riga mai faɗin santimita 30 gurbi ashirin da 'yan kai kawai ya samu. Shi ya sa siffar aikin take fitowa, amma zarensa ya narke.

To idan na ƙara masa girma, zaren da ya ɓace zai dawo?

Ba zai dawo ba, domin tun farko babu shi a cikin hoton. Abin da injin ƙara girma yake yi shi ne ƙirƙiro zaren da ya yi kama da wanda ya kamata a ce yana wurin. Ya ga dubban hotunan yadi, ya san yadda saƙa take kama, sai ya cike gurbin da zatonsa.

Wannan ne tushen duk abin da zan faɗa a ƙasa, don haka bari in raba abu biyu. Akwai ɗinki: yankan wuya, faɗin hannu, wurin aljihu, adadin maɓallai, siffar aikin da aka zana, furen atamfa da launinsa. Akwai kuma jikin yadi: saƙar zare, ɗan gashi-gashin auduga, yadda zaren aiki yake kwanciya ɗaya gefen ɗaya, ƙananan tamoji. Na farko ya riga ya kasance a cikin ƙaramin hoton, kuma amana ne, ba a taɓa shi. Na biyu babu shi, dole a ƙirƙiro. Gwanintar duka ita ce ka sakar wa injin hannu a kan abin da ya fi fiksel ɗin ƙaramin hoton ƙanƙanta, ka ɗaure masa hannu a kan duk abin da ya fi haka girma.

Wace manhaja ce ta fi? Na ga suna da yawa.

Sunayen suna da yawa, amma iri uku ne, kuma ba kishiyoyin juna ba ne. Ni ukun nake haɗawa a aiki ɗaya.

Na farko shi ne miƙa hoto da lissafi zalla, irin `Lanczos`, ko `Bicubic` da ke cikin Photoshop, wanda GIMP take kira `Cubic`. Ba ya ƙirƙirar komai. Hoton zai yi girma, zai yi dushi-dushi, amma ko maɓalli ɗaya ba zai gusa ba. Mutane suna raina shi, alhali shi ne ma'aunin da za ka riƙa komawa gare shi.

Na biyu su ne dangin ESRGAN, wanda ya fito a 2018, da ƙanensa Real-ESRGAN na 2021. Suna kaifafa gefuna, suna share dattin da matsewar JPEG ta bari, kuma da wuya su canza siffa babba. Aibinsu a kan yadi shi ne an koya musu share hayaniya daga hoto, kuma sau da yawa ba sa bambance hayaniya da ɗan abin da ya rage na saƙa. Sai su goge shi, rigar ta fito kamar an shafa mata fenti. A wurin aikin zare mai cunkoso kuma sukan fitar da wasu layuka masu murɗewa kamar tsutsotsi.

Na uku su ne masu sake zane, wato a mayar da hoton cikin inji irin Stable Diffusion a ce ya sake bi ta kansa kaɗan. Su kaɗai ne suke iya fitar da zare mai gamsar da ido. Su ne kuma suke canza ɗinki idan aka sake musu.

Nuna mini yadda kake yi daga farko zuwa ƙarshe.

Bari in ɗauki aikin da na fi samu: hoton mutum a tsaye, an saka masa farar babbar rigar shadda mai aikin aska takwas, telan ya duba ya ce ɗinkin ya yi. Asalin hoton 3000 da 4000 ne, wanda manhaja ta dawo da shi 864 da 1152.

Abu na farko, ina adana wannan ƙaramin hoton a matsayin PNG da sunan `gyara.png`, ba na sake taɓa shi. Shi ne shaidata. Sai in miƙa kwafinsa da `Lanczos` zuwa 3000 da 4000 in ajiye gefe.

Daga nan sai in wuce da shi ta Real-ESRGAN:

```
realesrgan-ncnn-vulkan -i gyara.png -o babba.png -n realesrgan-x4plus -s 4
```

Wannan zai ba ni 3456 da 4608, sai in rage shi zuwa 3000 da 4000. Ba na amfani da shi tsura. Ina ɗora shi a kan wanda na miƙa da `Lanczos`, in rage masa ƙarfi zuwa kusan rabi da `Opacity`. Hakan yana ba ni kaifin gefe ba tare da santsin fentin nan ba.

Mataki na gaba mutane da yawa suna tsallake shi, kuma shi ne ya fi sauƙi: fuska, hannuwa, takalmi da bango duk suna nan lafiya lau a asalin hoton mai girma. Babu dalilin ƙirƙiro su. Sai in ɗora sabon hoton a kan na asali, in goge komai in bar rigar kaɗai. A kula, wasu manhajojin sukan ɗan gusar da hoto ko su yanke gefensa, don haka sai an daidaita biyun da hannu. Nakan duba kunne da gefen ƙofa ko wani layi a bango har su hau kan juna.

Yanzu saura rigar. Ba na tura ta gaba ɗaya cikin injin sake zane. Ina farawa da ƙirji, inda aikin yake. A girman 3000 da 4000 kowace santimita tana da fiksel 20, don haka murabba'in ƙirji mai santimita 40 a kowane gefe, fiksel 800 ne a kowane gefe. Sai in yanko shi, in ɗaga shi zuwa 1024, girman da SDXL, wani nau'in Stable Diffusion, ya saba da shi. Ka ga yanzu gurbin da injin yake tunani a kai ya sauko daga santimita ɗaya da rabi zuwa kusan milimita uku. A nan ne zare yake samun wurin fitowa. A AUTOMATIC1111, manhajar da ake sarrafa Stable Diffusion da ita, ba sai ka yanka da hannu ba: a shafin `Inpaint` ka shafe wurin, ka zaɓi `Only masked`, shi zai yanko, ya ɗaga, ya mayar.

Ina sa `Denoising strength` a 0.25, in kulle `Seed`, wato lambar da take yanke irin hayaniyar da injin zai fara da ita, a lamba ɗaya don in iya kwatanta gwaji da gwaji. Umarnin da nake rubutawa kuwa yadi kawai yake bayyanawa:

```
white cotton damask, fine weave, dense embroidery thread, close-up
```

Idan ƙirjin ya yi, sai in bi sauran rigar gutsure-gutsure da irin wannan saiti, amma da lamba ƙasa da haka, domin filin shadda ba ya buƙatar abu mai yawa. A ƙarshe in gyara launi, in yi gwajin bambanci. Duka biyun suna ƙasa.

Me ya sa ba ka ambaci mutum ko riga a cikin umarnin ba?

Saboda injin gutsure ɗaya yake gani a lokaci guda, kuma kowane gutsure yana karɓar umarnin gaba ɗayansa. Idan ka rubuta cewa mutum ne sanye da riga mai aiki a wuya, gutsuren da ke wajen gwiwa, wanda babu komai cikinsa sai farin yadi, shi ma zai yi ƙoƙarin cika umarnin. A nan ne ake samun aljihun da ba a ɗinka ba, ko wani ɗan aiki ya tsiro a gefen riga, wani lokaci har inuwar fuska a cikin tamoji. Faɗi abin da yake gaskiya a kowane gutsure, wato irin yadin, ka tsaya nan.

Wannan lambar ta `Denoising strength`, nawa ce daidai?

Lambar tana nuna yawan hayaniyar da za a zuba wa hoton kafin a sake zana shi. A 0 ba a zuba komai, a 1 an shafe hoton gaba ɗaya an fara sabo. Abin da ya kamata a gane shi ne hayaniya kaɗan ƙananan abubuwa take rufewa, ta bar manya. Kana ƙara ta, tana cin abin da ya fi girma. Wato lambar nan kusan ita ce take yanke girman abin da ka yarda a canza.

A nawa aikin, ƙasa da 0.15 kusan ba na ganin amfani. Tsakanin 0.2 da 0.3 saƙa takan fito, siffa ta zauna. Daga 0.35 nake fara ganin bakin askar aiki yana lanƙwasa, maɓalli yana canza siffa. A 0.5 kuwa wata rigar ce mai kama da taka. Amma injina sun bambanta, don haka kada ka haddace lambata. Ɗauki gutsuren da ya fi wahala, ka gwada 0.2 da 0.25 da 0.3 da 0.35 da `Seed` ɗaya, ka tsaya a ta ƙarshe da ba ta taɓa siffa ba.

Wani abu kuma: lamba ɗaya ba ta aiki iri ɗaya a kowane girma. 0.3 a kan hoton mutum gaba ɗaya tana iya cinye aikin wuya, domin aikin ƙarami ne a idon injin. 0.3 ɗin nan a kan yankakken ƙirji da aka ɗaga ba za ta iya ba, domin yanzu kowace aska ta zama babban abu. Shi ya sa yankowa ta fi rage lamba amfani.

Idan kana son ƙarin zare kuma siffa ta fara motsi, a nan ne `ControlNet` nau'in `Tile` yake shigowa. Yana riƙe wa injin ainihin gutsuren a gabansa a kowane mataki, sai ka iya hawa zuwa 0.4 ba tare da ɗinkin ya gudu ba. Yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi.

Yaya zan tabbatar ɗinkin bai canza ba? Da ido kamar daidai yake.

Ido yana yaudara a nan, domin hoton da ya fi kyau shi zuciya take gaskatawa. Na taɓa miƙa wa wani tela hoto ina ganin na gama, ya kalle shi bai fi daƙiƙa biyar ba ya nuna mini inda askoki biyu suka haɗe suka zama ɗaya mai faɗi. Na shafe fiye da awa guda ina kallon wurin ban gani ba. Tun ranar nake yin wannan gwajin.

Dabarar ita ce: idan da gaske ƙananan abubuwa kaɗai aka ƙara, to idan aka mayar da babban hoton zuwa girman ƙaramin, ya kamata su zama kusan abu ɗaya. Da ImageMagick, manhajar da ake gyara hoto da ita ta hanyar rubuta umarni, idan `karshe.png` shi ne babban hoton da ka gama:

```
magick karshe.png -filter Lanczos -resize 864x1152 karami.png
magick gyara.png karami.png -compose difference -composite -evaluate multiply 4 bambanci.png
```

Wanda ba ya son rubuta umarni, ya ɗora biyun a Photoshop ko GIMP ya zaɓi `Difference`. Rigar kawai za ka duba, tun da fuska da bango daga asalin hoto suka zo.

Karanta sakamakon ba wuya. Baƙi yana nufin babu canji. Ɗan yayyafi mai kama da ƙura a ko'ina jikin yadi ne, shi muke so. Siririn layi a gefen riga yawanci kaifi ne aka ƙara. Amma idan ka ga wani abu mai siffa yana haske, da'ira, ko layi mai kauri, ko layi biyu gefe da gefe, to wani abu ya gusa ko ya sauya. Idan kuma rigar duka ta yi haske iri ɗaya, launi ne ya tafi.

Bayan wannan ina ƙirgawa da yatsa, kamar yadda tela zai yi: askoki nawa, maɓallai nawa, zagayen tambari nawa, linzamin wuya yana nan yadda yake? Inda ya lalace ba na sake aikin duka. Ina goge wannan wurin kaɗai har na ƙasa ya bayyana, ko in sake gutsuren da lamba ƙasa.

Farar shaddata ta koma ruwan madara. Me ya jawo?

Duk lokacin da hoto ya shiga injin ya fito, matsewa da buɗewar nan sukan ɗan taɓa launi, kuma idan aka yi sau biyu ko uku abin yana taruwa. Ga mai sayar da yadi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya zaɓi ruwan toka ba zai karɓi ruwan ƙasa ba.

Maganinsa yana hannunka tun farko. Ɗauko wanda ka miƙa da `Lanczos`, ka ɗora shi a sama, ka sa shi a `Color` idan Photoshop ne, ko `LCh Color` idan GIMP ne. Launi zai fito daga hoton da tela ya amince da shi, haske da inuwar zare kuma daga sabon. Idon mutum a haske da duhu yake ganin ƙananan abubuwa fiye da a launi, don haka dushin na `Lanczos` ba zai nuna ba.

Ni atamfa da leshi nake sayarwa. Hanyar ɗaya ce?

Hajiya, matakan ɗaya ne, amma inda za ki sa ido ya bambanta, kuma kayanki sun fi shadda wuya.

A atamfa zanen shi ne kayan. Ga shi kuma yana maimaituwa, mai saye tana iya kwatanta fure da ɗan'uwansa. Injin sake zane yana gyara kowane fure da zatonsa daban, sai ki ga wannan ganye biyar, wancan shida. Jikin atamfa kuwa auduga ce mai saƙa lafiyayya, ba ta buƙatar ƙirƙira mai yawa. Don haka ni a atamfa sau da yawa ba na shiga matakin sake zane sam. Ina tsayawa a haɗin `Lanczos` da Real-ESRGAN, in ƙara mata jiki ta hanyar aro da zan bayyana nan gaba.

Leshi kuma matsalarsa huji. A ƙaramin hoto hujin leshi ɗigo ne mai duhu, fiksel biyu ko uku. Injin bai san huji ba ne. Yana iya mayar da shi dutse, ko ya toshe shi, ko ya haɗe uku su zama ɗaya. Duwatsun da aka jera su ma sukan ƙaru ko su ragu. A nan ki yanko gutsure ƙanana fiye da na shadda, kamar santimita 20, ki tsaya wajen 0.2, ki ƙirga huji a layi ɗaya kafin da bayan aiki.

Shadda tana da nata halin, ko da ya fi sauƙi. Furenta launi ɗaya ne da jikinta, saƙa ce ta bambanta, shi ya sa sai haske ya faɗa mata ake ganinsa. Idan ƙaramin hoton bai nuna furen ba, injin zai ƙirƙiro nasa, kuma wannan canza kaya ne. Sheƙinta ma a kula da shi: shaddar da ta sha bugu tana ƙyalli ne a kan tamoji da inda aka ninke, amma injin yakan baza ƙyallin ko'ina har ta koma kamar satin.

Yadi mai siraran layuka ko ƙananan gidan dara, irin na kaftani, shi kuma yakan fito da wasu raƙuman ruwa masu lanƙwasa waɗanda babu su a yadin. Hakan na faruwa idan layi da tazararsa ba su samu aƙalla fiksel biyu ba. Ƙara girma ba ya cire su, kaifafa su yake yi. Sai dai a koma a sake canza kayan a kan hoton da aka ɗauka kusa.

Mece ce hanyar aron da ka ambata?

Idan yadin yana hannunka, ba sai inji ya yi maka zato ba. Shimfiɗa shi a inuwa mai haske, ka ajiye tef ɗin awo a gefe, ka ɗauki hotonsa kusa, wurin da babu fure. Cire masa launi, ka wuce da shi ta `High Pass` don saƙar kaɗai ta rage a kan ruwan toka. Sai ka ɗora shi a kan rigar da `Soft Light` ko `Overlay`, ƙarfinsa kamar kashi 20 cikin 100, a cikin iyakar rigar kawai.

Tef ɗin awon shi ne zai gaya maka girman da za ka sa. A misalinmu santimita ɗaya fiksel 20 ce, don haka ka rage hoton yadin har santimita ɗaya ta tef ta zama fiksel 20. Idan ka bar shi da girma, shadda za ta koma kamar buhu. Wannan hanya ba ta iya gusar da ko layi ɗaya na ɗinki, kuma saƙar ta gaske ce. Rauninta shi ne a shimfiɗe take, ba ta bin tamoji, don haka a hannun riga da inda yadi ya naɗe sai ka juya ta ta bi kwanciyar zare, ko ka rage ta.

Fuskar mutumin ta canza bayan na ƙara girma.

Duba ko akwai `Restore faces`, ko GFPGAN, ko CodeFormer a kunne, ka kashe. Sake zana fuska suke yi, kuma sukan goge tsage da tabo su sauya kamannin mutum. In kana da asalin hoton, dawo da fuskar daga can kamar yadda na faɗa. Hula kuwa, idan ita ma sabuwa ce, ka ɗauke ta a matsayin aikin wuya: zanen kube ƙanana ne masu maimaituwa, suna buƙatar yankowa ta musamman.

Tun a ƙaramin hoton aikin wuyan ya ɗan karkace. Ƙara girma zai daidaita shi?

A'a. Zai fito da karkacewar fili, da zare mai kyau a kanta. Idan kuma ka ɗaga lamba don ya gyaru, sauran wuraren da suke daidai za su tafi. Gyara siffa aiki ne daban, a gama shi tukuna, tela ya gani ya amince, sannan a zo maganar girma.

Ba ni da babbar kwamfuta. Akwai abin da zan iya?

Akwai. Upscayl kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma dangin Real-ESRGAN ne a cikinta, sai dai tana buƙatar katin hoto mai goyon bayan Vulkan. Ita da GIMP sun isa ga komai a nan ban da sake zane: haɗin rabi da rabi, dawo da fuska, aron saƙa, gyaran launi, gwajin bambanci. Ga atamfa ma abin da nake yi ke nan ko da babbar kwamfutar tana gabana.

Idan shafin intanet ko manhajar waya kake amfani da ita, nemi madannin da ake kira `Creativity` ko makamancinsa ka sauke shi ƙasa, in akwai `Resemblance` ka ɗaga shi. Ka zaɓi ninki biyu maimakon huɗu. Wadda ba ta ba ka wani madanni ba, ba ka da iko a kan abin da za ta ƙirƙira, don haka ƙirgawa da yatsa ta zama dole. Dabarar da ta fi duka ga mai waya ita ce tun wajen ɗauka: ka yi hoto biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya daga ƙugu zuwa sama. Na biyun zai ba aikin wuya ninkin fiksel ɗin da na farko ya ba shi tun kafin a ƙara komai.

Har wane girma nake buƙata?

Ya danganta da inda hoton zai je. Bugawa a takardar A4 da ɗigo 300 a kowane inci tana son 2480 da 3508, don haka 3000 da 4000 ya wadatar. Idan Instagram ne, faɗin 1080 aka saba da shi, ninki biyu sannan a rage ya isa, kuma ƙarancin ninki yana nufin ƙarancin ƙirƙira. Idan za ka tura wa tela ko mai bugawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin `Document`. In ka tura shi a matsayin hoto za a matse shi, kuma saƙar da ka sha wahala a kanta ita ce farkon abin da matsewa take ci. Haka nan duk tsawon aikin ka riƙa adanawa a PNG, sai a ƙarshe ka fitar da JPEG sau ɗaya.

Zan iya tallata yadi da irin wannan hoton?

Don nuna yadda ɗinki zai zauna a jiki, ƙwarai kuwa. Don nuna ingancin yadi, ban yarda ba, kuma ina gaya wa duk wanda ya kawo mini aiki. Zaren da inji ya zana ba zaren da ke shagonka ba ne, kuma kusan kullum ya fi shi cika da tsari. Mai saye da ke Kantin Kwari tana taɓa yadi ta murza shi kafin ta biya. Wadda take Yamai ko Kumasi tana kallo a waya ba ta da wannan damar, abin da za ta iya shi ne ta buɗe hoton da yatsu biyu ta duba saƙa, kuma daidai wurin da take dubawa ne aka ƙirƙira. Abin da nake ba masu shago shawara shi ne hoto biyu a jere: wanda aka gyara, a rubuta a ƙasansa cewa samfurin ɗinki ne, sai kuma hoton ainihin yadin da aka ɗauka kusa, a hasken rana, da tef ɗin awo a gefensa, ba a taɓa shi da komai ba.